Sha Takwas Bisa Bakwai

A unguwarmu ta Birni, idan likita ya rubuta wa mutum ordonans, wato takardar magani, ba farmasi yake fara zuwa ba, zauren Kawu yake fara zuwa. Haka na buɗe ido na tarar. Kawu yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya, kuma ya yi shekara talatin da wani abu yana majo, wato babban malamin jinya, a asibitocin karkara, daga Damagaram Takaya zuwa Hamdara, inda shi ne likita, shi ne mai allura, wani lokacin ma shi ne ungozoma. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, aikin bai ajiye shi ba. Za ka kai masa takarda, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya karanta yana motsa leɓe, sannan ya ɗauki biro. Abin da ya yi wa alama a saya. Abin da ya ja wa layi an gama da shi, ko da babban likitan Yamai ne ya rubuta.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya ceci mutane. Ya hana talakawa sayen magunguna huɗu inda ɗaya ya isa. Ya taɓa kallon idon wata jaririya ya ce a ruga da ita asibiti yanzu, kuma yau tana da ƴaƴa biyar. Ni kaina shi ya riƙe hannuna ya kai ni lekol, makarantar boko, ranar da mahaifina ya ce karatun mace ɓata lokaci ne. Duk abin da na zama, har na tsaya gaban allo shekara ashirin da shida yara suna ce mini Madam, daga wannan hannun ya fito. Ina faɗin haka ne don a san wane irin mutum na kasa yi wa gardama.

Mahaifiyata, Inna, mai wankan gawa ce. Duk macen da ta rasu a layinmu da layuka uku na bayanmu, ita ake aika wa. Ta gaji aikin daga tata uwar. Takan ɗauki mayafi ta fita ba ta ce wa kowa komai ba, ta dawo ta yi wanka ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta taɓa ba mu labarin abin da ta gani a jikin kowa ba, ta ce amana ce. Sau ɗaya kawai na ji ta saki baki. Ta dawo daga wanke wata tsohuwa da ta yi shekara biyar a kwance, ta zauna bakin ƙofar ɗakinta, ta ƙi abinci. Can ta ce, ba ni take kallo ba:

"Bayanta duk ya ruɓe. Ƴaƴanta sun yi ƙoƙari, amma ya ruɓe. Allah ka ɗauke ni da ƙafafuna. Kada ka sa wani ya juya ni."

Daga ranar wannan ta zama addu'arta, a bayyane, bayan kowace salla. Ba ta roƙon tsawon rai. Mace ce mai tsananin kunya. Ni ce ƴarta ta fari, don haka ko sunana ba ta taɓa kira ba, sai dai "ke" ko "ƴar nan", kuma har na haifi nawa ƴaƴan ban taɓa ganin kanta babu ɗankwali ba.

Tana da shekara saba'in da huɗu yanar ido ta rufe mata idon hagu, muka je a cire. Kafin aikin suka ɗaura mata abin awon tansiyo, wato hawan jini, a hannu. Mai awon ya duba, ya sake hurawa, ya sake dubawa, ya ce sha takwas bisa bakwai. Ya tambaye ta ko kanta na ciwo. Inna ta ce ita kanta bai taɓa ciwo ba sai ranar da ta ji kuɗin gero. Suka ce mu dawo bayan mako. Muka dawo, sha takwas bisa bakwai. Karo na uku sha tara bisa bakwai. Sai suka tura mu wajen wata likita a wani ƙaramin asibiti can hanyar Sabon Gari.

Yarinya ce, ba ta kai ƙanwata ta uku ba. Na ga Inna ta yi mata kallo ɗaya ta kawar da kai, na san an gama yanke mata hukunci. Amma likitar ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, ta auna ta a zaune, ta sa ta miƙe tsaye ta sake aunawa, ta saurari ƙirjinta, ta aika a duba jini da fitsari. Ni ce na yi tambayar, don na saba jin Kawu yana magana a zaure.

"Dokta, ai na ƙasan lafiya lau yake. Bakwai ne fa."

Ta ce, "Madam, shi ne abin da ke ruɗin mutane. Kin san tiyon ban ruwa? Sabo, idan an buɗe pampo da ƙarfi, yakan ɗan buɗe ya karɓi ruwan, sannan ya matse ya tura shi gaba a hankali. Wanda ya shekara a rana ya bushe, ba ya buɗewa. Ruwan yakan wuce da duka ƙarfinsa lokaci ɗaya, sai kuma ya yanke. Manyan jijiyoyin jinin Hajiya haka suka zama da shekaru. Idan zuciya ta buga, babu abin da ke tare ƙarfin, sai lambar sama ta hau. Kafin bugu na gaba babu abin da ke riƙe shi, sai ta ƙasa ta sauka. Wannan bakwai ɗin ba lafiya yake nunawa ba. Tazarar da ke tsakanin sha takwas da bakwai ita ke faɗa mana yadda jijiyoyin suka sandare."

Na ce to idan tsufa ne, me magani zai yi wa tsufa.

Ta ce magani ba zai mayar da jijiya sabuwa ba, amma zai rage ƙarfin dukan. Ta ce jijiyoyin cikin ƙwaƙwalwa ƙanana ne, sirara, kuma kowane bugun zuciya yana isa gare su da wannan ƙarfin, dare da rana. Wata rana ɗaya takan toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ta ce an gwada a kan tsofaffi masu irin wannan awon, har waɗanda suka haura tamanin, kuma waɗanda aka sauko musu da lambar sama sun fi tsira daga shanyewar jiki nesa da waɗanda aka bari. Ta ce za ta fara da ƙwaya ɗaya ƙarama, sau ɗaya a rana, a sauko da shi sannu a hankali, ba a yi wa tsoho gaggawa. A rage gishiri, da kanwa, da dunƙulen miya. Sannan ta dube ni sosai ta ce:

"Ƙafarta na iya ɗan kumbura. Tana iya jin jiri idan ta miƙe da sauri. Idan haka ta faru kada ku daina, ku dawo mini. Akwai wani maganin, akwai ragewa. Ku dai dawo."

Ta rubuta ranar dawowa a karnen Inna, ɗan littafin asibitin nan mai shuɗin bango.

Muka fito bakin titi muna jiran adaidaita. Sai Inna ta ce, "Ke, abin da ta ce yana kwantar da mutum, gaskiya ne?" Na ce haka ta faɗa. Ta ce, "To sayo." Muka tsaya a farmasi na saya. A rayuwata wannan ne karo na farko da takarda ta wuce ƙofar Kawu ba ta shiga ba. Ban yi don raini ba. Rana ta yi zafi, zauren a rufe, na ce gobe na kai masa, goben kuma ta yi ta ja.

Ta sha maganin mako bakwai ba fashi. Tana ajiye kwalin a cikin kwanon da take zuba carbinta, ta haɗiya bayan sallar asuba. Miyar gidan ta zama lami, jikoki suna ƙorafi, ita ko a jikinta. Da muka koma awo na farko, sha biyar bisa bakwai, likita ta ce madalla, a ci gaba haka, ta rubuta mana wata ranar dawowa. Idon sawunta ya ɗan tashi da yamma, takalminta na roba yana barin shaida. Ta nuna mini tana dariya, ta ce ga ta ta fara ƙiba a tsufa.

Sai aka yi rasuwa a gidan wani mai ɗinkin fata, matarsa. Watan zafi ne, ɗakin ƙarami, babu taga. Inna ta tsuguna kan gawar fiye da awa ɗaya, ba ta sha ruwa ba tun safe. Da ta gama ta miƙe zumbur yadda ta saba tun tana yarinya, sai ɗakin ya juya mata. Ba ta faɗi ba. Ta dafa bango, wata mata ta riƙe ta, aka zaunar da ita aka yi mata fifita. Minti biyu ne. Amma a gidan makoki aka yi, gaban mata ashirin, kuma kafin a dawo daga maƙabarta labarin ya riga ya shiga zauren Kawu.

Bayan la'asar ya shigo da jakarsa ta fata. Abin awonsa tsoho ne, mai famfon roba da agogo, tun na zamanin aikinsa, kuma yana kula da shi fiye da yadda wasu ke kula da ƴaƴansu. Ya zauna kan kujera ƴar tsugune, ya ɗaura wa ƙanwarsa, ya sa abin saurare a kunne. Sha huɗu bisa shida. Ya cire tabarau. Ya danna idon sawunta da babban yatsa, wurin ya ɗan loɓa.

"Me take sha?"

Inna ta dube ni. Na shiga ɗaki na ɗauko kwalin. Ya juya shi gaba da baya.

"Wa ya rubuta?"

Na faɗa masa.

"Nawa ta samu kafin ta rubuta?"

"Sha takwas bisa bakwai, Kawu."

Ya yi ƴar dariya ta hanci. "Bisa bakwai. Madam, ke da kika yi karatu. Tansiyo na gaskiya na ƙasa ne. Haka aka koya mana, kuma waɗanda suka koya mana ba yara ba ne. Na sama shekaru ne, a ɗauki shekarun mutum a ƙara ɗari, shi ne nasa. Saba'in da huɗu, sha bakwai da ɗoriya. Ina laifin sha takwas? Tsoho yana bukatar wannan ƙarfin don jini ya kai masa kai. Kun sauko da shi, ga na ƙasa ya koma shida, ga ta tana faɗuwa cikin mutane. Gobe a banɗaki za ta faɗi, ta karya ƙugu. Kin san tsohuwa nawa na gani sun karya ƙugu? Ko ɗaya ba ta sake tashi ba."

Na ga fuskar Inna ta canza da wannan maganar ta ƙarshe. Ya san inda zai taɓa, ƙanwarsa ce.

Na ce, "Likitar ta ce idan an ga jiri a koma mata."

"A koma ta ƙara wani a kan wannan. Na san su. Ni nawa sha tara ne bisa bakwai, shekara goma ke nan, kin taɓa ganin na kwanta?" Sai ya sassauta murya, wanda ya fi faɗan ciwo. "Ɗiyata, an rubuta wa ƙanwata magani mako bakwai, ina nan zaune gida uku tsakaninmu, sai a gidan makoki zan ji? Na tsufa ke nan har haka?"

Ina da amsa, tana nan cikin kaina da muryar likitar da komai, har da tiyon. Na san jirin nan na tsuguno ne da zafi da rashin ruwa da miƙewa da sauri. Na san saura kwana tara ranar dawowarmu. Ina iya cewa Kawu mu je tare ka ji daga bakinta. Ina iya yin shiru in bar shi ya tafi, gobe in sayo wani kwalin. Shekarata hamsin da ɗaya a lokacin, ina da jika, iyayen yara suna jin tsorona a lekol. Na tsaya gabansa ina murza gefen zanena. Ya sa kwalin a aljihun rigarsa ina kallo. Ranar dawowar ta zo ta wuce, karnen yana cikin akwati.

Abin da ya fi cin raina shi ne wata goma sha huɗun da suka biyo baya, domin lafiya lau aka yi su. Kumburin ya saɓe cikin kwanaki. Jiri bai sake zuwa ba. Gishiri ya dawo miya da kaɗan-kaɗan, har ya koma yadda yake. An cire mata yanar ido a wani zagayen likitocin ido, ta dawo tana zura zare a allura da kanta tana yi mana gori. Kowace Juma'a bayan masallaci Kawu yakan biyo da jakarsa. Sha takwas bisa bakwai. Sha tara bisa bakwai. Wata rana ashirin bisa bakwai. Ya naɗe abinsa ya ce, "Na ƙasa yana nan daram. Zuciyar budurwa gare ki." Inna ta ce masa ya ji kunya, su yi dariya. Ni ma ina dariya. Har a raina na fara cewa wataƙila yarinyar nan ta cika zaƙewa, don hakan ya fi mini sauƙin ɗauka. Idan na bi ta gaban asibitinta a kan kabu-kabu sai in juya fuska ɗaya gefen.

An ma ba mu gargaɗi. Wata safiya tana shan koko, ludayin ya suɓuce daga hannunta na dama, ta buɗe baki za ta yi magana kalmomin suka fito a cakuɗe. Kafin in ɗauko mayafi in kira Kawu ta dawo daidai, tana faɗan an ɓata mata zane. Kawu ya ce gajiya ce, azumin Litinin da Alhamis ya yi mata yawa. Daga baya na ji cewa wannan ƙaramar shanyewa ce, irin wadda ke zuwa ta wuce kafin babbar, kuma ranar ya kamata a kai ta asibiti. Ni kuwa wanke zanen na yi.

Bayan mako uku, da hantsi, tana tankaɗe garin tuwo a tsakar gida. Ina lekol. Maƙwabciyarmu ce ta kira ni. Na tarar da ita a kwance a gefen tabarma, garin ya zube mata a jiki, bakinta ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. Idonta biyu, tana kallona, tana ta ƙoƙarin faɗin wani abu, sauti kawai ke fita. Ɗankwalinta ya zame. Da hannun hagu take lalubensa.

A babban asibiti suka saka ta a na'urar hoton kai, suka ce wata jijiya ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda magana take. Kwana na uku, likitocin suna zagaye, sai ga likitar nan a cikinsu, ashe an dawo da ita can. Ban so ta gane ni ba. Ta karɓi karnen, ta buɗe, ta ga rubutun hannunta, ta ga ranar dawowa ta ƙarshe, ta ga babu komai a ƙasanta. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Na bi ta har baranda.

"Dokta, da ta ci gaba da sha, da hakan bai faru ba?"

Ta ce, "Madam, ba zan rantse miki ba. Akwai masu shan magani kullum kuma ya same su. Maganin rage haɗarin yake yi, kuma yana ragewa sosai, amma ba ya kawar da shi. Ba wanda zai iya ce miki ga abin da zai faru da ita ita kaɗai." Sannan ta tambaye ni me ya sa aka daina. Na faɗa mata jirin da kumburin da abin da Kawu ya ce.

Ta ce, "Bai yi ƙarya ba cewa haka aka koyar a da. An daɗe da gane kuskure ne. Tsoron faɗuwar ma gaskiya ne, shi ya sa muke auna tsofaffi a tsaye, kuma ba ma son na ƙasa ya sauka ƙwarai. Da kun zo da na rage mata, ko na canza wani. Aikin minti goma ne."

Minti goma. Na daɗe ina jin wannan maganar.

Kawu yana zuwa asibitin kullum da safe, da babbar riga, ya zauna kan benci a waje. Ma'aikatan da suka san shi suna durƙusawa su gaishe shi. Ƴan dubiya suka yi ta zuwa, daga unguwa, daga Mirriya, dangin mahaifinmu daga Droum da kaji a ɗaure. Kowa maganarsa ɗaya: ƙaddara ce, Allah ya sa kaffara, mace mai lafiya haka, ko ciwon kai ba ta yi. Sai su juya su ce wa Kawu sannu da ƙoƙari, ai ta ji daɗi da take da majo a gida yana auna ta duk mako. Yana amsawa kansa a ƙasa. Ni ma na yarda da ƙaddara, ba wanda zai koya mini ita. Amma na san aljihun da kwalin ya shiga, kuma na san hannun da ya miƙa shi.

Ranar da aka sallame mu aka rubuto sabon ordonans. Ƙwayar nan tana ciki, ita ce ta farko a layi, da wasu biyu a ƙasanta. Ƙanena, wanda ya zo daga Yamai bai san komai ba, ya ɗauki takardar ya nufi bencin ya miƙa wa Kawu da hannu biyu yadda aka koya mana. Kawu ya riƙe ta. Bai ciro tabarau ba. Ya mayar masa ya ce, "Ku sayo duka." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar, kuma ni ban taɓa tayar masa da ita ba. Mutane suna ce mini mai haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Idan na buɗe baki na ce kai ne, zai iya ɗagowa ya ce ke fa.

Har yanzu ana kai masa takardu a zaure. Na ji an ce ya daina ja wa maganin tansiyo layi. Ko shi yana sha, ban sani ba, ban tambaya ba. Abin da nake yi kawai, idan na ji wata a layin pampo tana cewa an auna tsohonta sha bakwai bisa bakwai amma na ƙasan lafiya, sai in ajiye bokitina in yi mata bayani har ta gaji da ni. Sun sa mini suna likitar pampo. Wasu suna ji, wasu suna cewa tun da uwarta ta kwanta Madam ta ɗan taɓu.

Shekara uku ke nan da wata biyar. Na bar koyarwa kafin lokacina, na dawo da ita ɗakina. Awonta yanzu sha huɗu bisa bakwai, kyakkyawa, likita tana yabawa duk wata. Tana haɗiye ƙwayar da koko ba gardama. Maganarta ba ta dawo ba, sai kalma ɗaya ko biyu da ba su da alaƙa da abin da take nufi, amma hankalinta yana nan sarai. Tana gane kowa. Idan aka yi rasuwa a layi ta ji kukan mata, takan juya ido wajen ƙofa ta yi ta kallo. Wata ce ke wankan yanzu, an ce tana da gaggawa.

Ina juya ta duk bayan awa biyu, dama, baya, hagu. Ina shafa mata man kaɗanya a kafaɗa da ƙugu da dugadugai. Bayanta bai ruɓe ba, ko tabo babu, wannan kam na tsaya a kansa. Ƴan dubiya suna ɗaga murya suna ce mata ta gode Allah da ya ba ta ɗiya irina, ita kuma ta rufe ido har su tafi.

Wanka da safe ne, bayan na ɗora ruwa ya yi ɗumi. Ina rufe ƙofa, in saki labule, in shimfiɗa leda. Da ta ji ƙarar bokitin sai ta juya fuska bango, ta kai hannun hagu ta damƙe bakin zanenta a ƙirji. Na gwada lallashi, na gwada yi mata hira, na gwada kawo wata ƴar'uwarta daga Droum ko za ta fi sakewa da ita, duk ɗaya ne. Kullum sai na ce, "Inna, ki yi haƙuri," sannan in ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Hannun yana da ƙarfi ƙwarai. Yau da safe sai da na sa hannu biyu.